Kekuna Ɗari Huɗu a Kwance

Duk wanda ya yi shekara ɗaya yana fitar da kaya a tashar kwantenar nan ya san Baba Lamba. Sunansa na yanka yana kan lasisinsa ne kawai, shi ma ƙura ta rufe shi a jikin bango. Laƙabin ya samo asali ne daga wata baiwa da Allah ya yi masa: ka ambaci kowane irin kaya, daga allura zuwa injin niƙa, kafin ka rufe baki ya faɗa maka lambarsa ta haraji. Matasan ejan kan tare shi a bakin ƙofa don tsokana, wani ya ce, "Baba, lema fa?" Ya ce, "Sittin da shida, sifili ɗaya. Ka sayi taka, damina ta kusa." Ya wuce abinsa.

Ga wanda bai san aikin ba, abin haka yake. Duk kayan da ke ƙetare iyaka suna da lamba a cikin wani ƙaton littafi da ƙasashen duniya suka amince da shi. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne kusan ko'ina, sannan kowace ƙasa ta ƙara nata a baya. Lambar nan ita ke faɗa wa kwastan nawa za a biya na fito, da ko kayan suna buƙatar wata takardar izini. Aikin ejan shi ne ya duba kaya, ya nemo musu lambar da ta dace, ya shigar a takardar bayani, ya sa hannu. In ya yi daidai, kaya su fita. In ya kuskure, kwantena ta zauna, kuɗin ajiya ya yi ta hauhawa, tara ta biyo baya, kuma sunan wanda ya sa hannu ne ke shiga baƙin littafi.

Baba Lamba ya fara ne da ɗaukar fayil a ofishin wani tsoho mai zafin rai, wanda ba ya koyarwa sai da ranƙwashi. A wajensa ya haddace babi-babin littafin, yana bitarsu a motar haya kamar mai tilawa. Daga baya ya sami lasisin kansa, ya kama ɗaki ɗaya a saman wani shagon sayar da taya, mai tebur biyu da fanka mai kukan tsufa, da taga da ke kallon ƙofar tasha. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin nan ba a taɓa riƙe masa kwantena saboda lamba ba. Wannan shi ne dukiyarsa, don bai tara wata ba. Kuma, a faɗi gaskiya, abin ya ɗan hau masa kai. Mutum ne mai kirki, amma ka ce masa ya sake duba lamba, kamar ka zagi kakansa ne.

Tebur na biyu na 'yarsa ce, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Shekara huɗu tana aiki a ƙarƙashinsa da katin magatakarda, ita ke shigar da komai a kwamfuta tun da aka daina karɓar takardar hannu. Ta ci jarrabawar ejan, takardunta na neman lasisin kanta suna gaban hukuma, saura wata ɗaya a zauna a kansu. Sharaɗin guda ne, kada a sami wani laifi a kan katinta.

A cikin wannan watan ne kwantenar Alhaji Mai Keke ta iso.

Alhajin tsohon abokin hulɗa ne. Sau goma sha ɗaya Baba Lamba ya fitar masa da kayan gyaran keke, kowane karo lafiya lau. Da takardun suka zo, Baba ya ja tabarau ya bi jerin kayan layi-layi. Firam, wili, sirdi, kan keke da birki, ya ba su tamanin da bakwai sha huɗu, gidan kayan gyara. Sarƙa ya kai ta babin ƙarfe, taya ya kai ta babin roba, don ya san ba a gidan kayan gyara suke zama ba, abin da sababbin shiga da yawa ke mantawa. Ya miƙa wa Uwata.

Ta ɗan jima tana kallon takardar da fensir a hannu. Sannan ta dawo da ita, ta ajiye a gabansa. A gefe ta rubuta: firam 400, wili 800, sirdi 400, kai 400, sarƙa 400. A ƙasa ta sa: keke 400?

"Baba, ka ga yadda adadin ya zo daidai wa daida? Kamar kekuna ne aka kwance."

"Yaushe Alhaji ya fara sayar da keke sukutum? Kayan gyara yake kawowa tun kina firamare."

"Na sani, Baba. Amma da kayan gyara ne, ai wani zai fi wani yawa. Wa ke sayen firam da sirdi daidai da daidai? Ko mu kira shi mu tambaya?"

Ya ɗauki biro ya soke tambayarta da layi biyu, ya rubuta a ƙasa: Kayan gyara ne. Shigar. Ya sa hannu.

"Uwata, littafin nan na haddace shi kafin a haife ki."

Ta shigar.

Ranar Talata kwamfutar kwastan ta jefa kwantenar a jan layi, wato sai an buɗe an duba da ido. Wannan bai dami Baba ba, jan layi ba baƙonsa ba ne. Ya je filin bincike da kansa, ya tsaya cikin rana ana sauke kwalaye. Jami'ar da ta zo ita ce wadda ejan ke kira Mai Jan Biro, mace mai ƙarancin magana, wadda ba a taɓa jin ta karɓi ko ruwan sanyi daga hannun kowa ba. Ta sa aka buɗe kwali ɗaya daga kowane iri. Sannan ta ce wa leburori su jera mata a ƙasa: firam ɗaya, wili biyu, taya biyu, sirdi, kai, sarƙa, birki. Suka jera a kan siminti, kowane a gurbinsa.

Keke ne kwance a gabansu, launi ɗaya, girma ɗaya, har da 'yar jakar kusoshi da aka ƙulla wa kowane firam. Feda kawai babu.

Ta ɗago ta dube shi. "Baba Lamba, kai ne ka yi wannan?"

Ba sai an karanta masa dokar ba, shi ya koyar da ita ga mutane da yawa. Tana nan a farkon littafin, ƙa'ida ta biyu: kayan da aka kawo a kwance ko ba a harhaɗa ba, lambar cikakken abu suke ɗauka. Ko da wani yanki ya ɓace, matuƙar abin da ya zo ya riga ya ɗauki siffar cikakken, hukuncin ɗaya ne. Lambar kayan nan tamanin da bakwai sha biyu ce, ta keke, kuma a littafin ƙasar fiton keke ya ninka na kayan gyara. Kowane layi da ya rubuta daidai ne in an ɗauke shi shi kaɗai. Da aka haɗa su, duk takardar ta zama ƙarya.

Aka mayar da kwalayen, aka ɗaure ƙofar kwantena da sabon hatimi, aka ba shi takardar tsarewa. Za a saurari bayaninsu ranar Litinin ta sama.

Kafin la'asar labari ya gama tasha. Ba wanda ya tare shi a bakin ƙofa ya tambaye shi lambar lema. Gaisuwa kawai ake yi masa, irin ta ta'aziyya, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Washegari Alhaji Mai Keke ya hau bene yana haki, babbar riga a kafaɗa. Bai zauna ba.

"Makarantu za su koma nan da sati biyu. Ka san lokacin da keke ke tafiya ke nan. Kowace safiya kuma kamfanin jirgi da masu tasha suna lissafa mini kuɗin kwana. Me kake yi a kai?"

"Alhaji, me ya sa ba ka gaya mini kekuna ka sayo ba?"

"Ai ba kekuna ba ne. Ba feda. Ka taɓa ganin an hau keke ba feda?"

"Ina fedar take?"

Alhaji ya kau da kai wajen taga. "Tana tafe a wata kwantenar. Mutanen can da suka sayar mini ne suka ce haka kowa ke yi, ya fi sauƙi."

"Keke ba feda keke ne a wajen kwastan. Da ka faɗa mini, da na gaya maka tun kafin a loda."

"To ai aikinka ne ka gani, don haka nake biyanka." Gaskiya ya faɗa, kuma Baba ya haɗiye ta da ɗacinta. Alhaji ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya, ya ɗan karkata kai wajen teburin da Uwata ke zaune. "Na yi tambaya. An ce in kuskuren magatakarda ne, mai lasisi gargaɗi kawai ake yi masa. A gyara lamba, in biya bambanci da tara, kaya su fita. Yarinya ce, sabuwar shiga, wa zai yi mamaki? Ita ai gidan miji za ta. Kai kuwa in aka dakatar da kai, ina za ka?"

Uwata ba ta ɗago daga kwamfuta ba, amma yatsunta sun tsaya.

Abin da ya fi ba Baba haushi shi ne Alhaji ya san dokar daidai. In aka tabbatar magatakarda ce ta zaɓi lamba ba da sanin mai lasisi ba, za a karɓe katinta, ba za ta sake neman lasisi ba sai bayan shekara biyu, laifin kuma ya zauna a fayil ɗinta. In kuwa mai lasisi ne da kansa, musamman in an ja hankalinsa ya ƙi, wannan sakaci ne, dakatarwa ce ta wata shida. Wata shida ofis a rufe, a wannan sana'ar, mutuwa ce. 'Yan kasuwa ba sa jiran kowa, kwantenarsu ba ta san sabo ba. Mai shekara sittin da uku ba ya rufe ƙofa rabin shekara ya dawo ya tarar da kowa.

Alhaji ya tashi ya fita. Can Uwata ta ce, "Baba, a yi yadda ya ce."

"Ban tambaye ki ba."

"Da katina aka shigar, sunana ne a kwamfuta. Shekara biyu kamar gobe ne. In aka rufe ofishin nan, da me za a ci a gida? Maganin Umma fa?"

Ya juya yana kallon taga. Kuma a nan ne ya kamata a faɗi abin da ba ya son a sani: ya ji daɗin maganar. Wani abu a ƙirjinsa ya saki. Bai nema ba, ita ta kawo da kanta, hujjarta kuma ba ta da makusa. Kwana huɗu yana yawo da wannan sauƙin a zuciya, yana jin kunyarsa, yana kuma riƙe da shi. Ba shekara talatin da ɗaya kawai yake karewa ba, ya gaya wa kansa, gida yake karewa. A gida ya kasa haɗa ido da maiɗakinsa. Ita kuwa sai ranar Lahadi, da ta ajiye masa shayi ta ce, "Malam, yarinyar nan ta daina cin abinci. Na tambaye ta, ta ce aiki ne." Ta tsaya kaɗan ko zai yi magana, sannan ta ɗauki faranti ta fita.

Ranar Litinin da safe ya riga Uwata zuwa ofis don ya haɗa fayil. Ya buɗe aljihun teburinta yana neman kwafin jerin kayan. Akwai sabon kwafi a sama, fes, ba ko ɗigo a jikinsa, ta riga ta sa shi cikin fayil. Tsohon kwafin yana can ƙasa, ta ninke shi huɗu ta tura ƙarƙashin kwalin fensir. Ya warware. Ga ƙananan lambobinta a jere, ga tambayarta, ga layinsa biyu da ya danna biro har ya kusa huda takardar. Ba ta yaga ba, ba ta kuma nuna wa kowa ba. Ɓoye masa ta yi.

Ya ji takunta a bene. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

Ofishin Mai Jan Biro ƙarami ne, da kujeru uku a gaban tebur da kabad cike da fayiloli. Alhaji ya zauna a gefe yana kaɗa ƙafa. Ta fara da shi. Ya kawo zancen feda, ta buɗe littafin ta juya masa shi, ta sa bakin biro a kan ƙa'idar, ta bar shi ya karanta. Ta ce za a sauya lambar zuwa ta keke, zai biya cikon fito, da tara a kan abin da aka rage, kaya ba za su motsa ba sai an biya an sake tantance takardar. Ta ƙara da cewa kwantenar feda ma, in ta iso, za a buɗe ta. Alhaji ya yi gyaran murya.

Sannan ta jawo wata takarda. "Saura na ejan. Kwamfuta ta nuna katin magatakarda ne ya shigar. Tambayata ɗaya ce, wa ya zaɓi lambar?"

"Ni ce, ranki ya daɗe," in ji Uwata. Muryarta ba ta yi rawa ba, da gani ta yi bitar maganar. "Na duba takardun baya na Alhaji na kwafa. Ban nuna wa Baba ba."

"Kin san abin da wannan zai jawo wa takardunki da ke gaban hukuma?"

"Na sani."

Mai Jan Biro ta dubi Baba ta saman tabarau. "Haka aka yi?"

Kalma ɗaya ake nema a wajensa, ko ma gyaɗa kai. Alhaji ya daina kaɗa ƙafa. Baba ya dubi hannun jami'ar, biron ya riga ya sauka a kan layin da za ta rubuta. Ya dubi 'yarsa, ta ƙura wa gefen tebur ido, ta haɗe yatsunta a cinya kamar yadda take yi tun tana ƙarama in za a yi mata allura.

Ya sa hannu a aljihu. Takardar ta maƙale da murfin biro, sai da ya ja ta da ƙarfi. Ya warware ta a kan tebur, ya shafe ninkin da tafin hannu.

"Ranki ya daɗe, fensir nata ne. Biro nawa ne."

"Baba," in ji Uwata a hankali.

"Yi shiru, Uwata. Sau ɗaya na hana ki magana a kan takardar nan, ga inda ya kawo mu. Wannan karon ki bar ni in yi tawa." Ya juya ga jami'ar. "Ta ƙirga, ta gani, ta ce a kira mai kaya a tambaya. Ni na ce na haddace littafi. Ban ƙirga ba. Abin da ta faɗa yanzu, don ni ta faɗa, ina roƙon kada a rubuta shi."

Mai Jan Biro ta daɗe tana karanta 'yar takardar, fiye da yadda rubutun ke buƙata. Ta ce, "Ka san wannan ba kuskure ba ne kawai. An nuna maka ka ƙi. Ba ni da ikon sassauta shi."

"Na sani. Ni na koya wa rabin mutanen da ke waje."

Ta dubi Uwata. "Ban riga na rubuta komai ba, saboda haka ban ji komai ba. Amma kada ki sake yi wa kwastan ƙarya, ko don mahaifinki." Ta maƙala takardar a fayil. "Baba, katinka."

Ya ciro shi daga wuya. Igiyar ta kama hularsa, hular ta faɗi, Uwata ta ɗauko ta miƙa masa.

Kwantenar ta fita a rana ta ashirin da uku, bayan makarantu sun koma. Alhaji ya biya komai, ya kuma ɗauke fayilolinsa ya kai wa wani ejan, yana gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa tsufa ya kama Baba Lamba. Wasu suka bi shi. An dakatar da lasisin wata shida, aka rufe ɗakin da ke saman shagon taya. Zaman da ya yi a gida ya yi masa nauyi ƙwarai, ya rame, ya zama mai saurin fushi, har maiɗakinsa ta ce da ta san haka ritaya take da ta roƙa a ƙara masa aiki.

Lasisin Uwata ya fito a mako na bakwai. Ta biya hayar ɗakin da ta taru, ta buɗe taga, ta share ƙura. Fayil ɗinta na farko na wata mata ce mai shigo da fankokin silin, wadda ta ce ta ji labarin yarinyar da ta ƙirga.

Ran nan Baba ya rako ta har bakin tasha. Mai gadin da ya shekara goma sha biyar yana ɗaga masa ƙarfe ba tare da ya duba komai ba ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai da kati."

"Aikinka kake yi," in ji shi. Ya koma kan bencin direbobi ya zauna.

Uwata ta tsaya da fayil a ƙirji. Sannan ta dawo ta zauna kusa da shi, ta buɗe jerin kayan a kan gwiwarta. "Baba, dubo mini wannan kafin in shiga. Motar fanka daban, fukafukai daban, sanda daban. Wace lamba ka gani?"

Lambar ta zo masa nan take, kamar kullum, har leɓensa ya motsa. Ya rufe baki. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya jawo takardar kusa.

"Ba ni fensir ɗinki," ya ce. "Mota guda nawa ce?"